IDAN SHUGABA BAI YARDA DA CIWON MA'AIKACI BA: MATSAYIN TAKARDAR LIKITA A HUTUN RASHIN LAFIYA

Babu ofis ko masana'antar da ba a taɓa jin irin wannan magana ba: ma'aikaci ya aiko da takardar likita cewa an ba shi hutu, amma sai ga wani ya zo ya raɗa wa shugaba cewa jiya an ga mutumin nan a kasuwa, ko a wurin ɗaurin aure, yana tafiya da ƙafafunsa. Daga nan sai zato ya shiga. Shugaba ya fara ganin an raina masa wayo, shi kuwa ma'aikaci ya dawo ya tarar an yanke masa albashi, ko kuwa takardar tuhuma tana jiransa a kan tebur.

Abin da ke cikin wannan gardama ba ƙarami ba ne. A wajen ma'aikaci akwai albashinsa da mutuncinsa, wani lokaci ma har da aikin nasa dungum. A wajen shugaba kuwa akwai aikin da ya tsaya, da sauran ma'aikata waɗanda ke kallo su ga yadda za a ƙare. Doka ba ta hana shugaba yin shakka ba, amma ba ta ba shi ikon mai da shakkarsa hukunci ba. Takardar likita kuma ba ta fi ƙarfin bincike ba, sai dai likita ne kaɗai ke iya warware maganar likita.

Abin Da Doka Ta Tanada

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1974, ita ce tushen maganar. Sashe na 16 ya ce ma'aikaci yana da hakkin a biya shi ladansa har na kwana 12 na aiki a cikin shekara guda, watau daga Janairu zuwa Disamba, idan ciwo mai wucewa ne ya hana shi zuwa, kuma likita mai rajista ya shaida haka. Amma sashen ya gindaya sharaɗi biyu. Na farko, ya zama yarjejeniyar aikin tana nan ba ta yanke ba, kuma ciwon ne kaɗai ya hana mutumin aiki. Na biyu, idan mai aikin ya nema, ma'aikacin ya yarda wani likita wanda mai aikin ya zaɓa ya duba shi.

Wannan sharaɗi na biyu shi ne ƙofar da doka ta buɗe wa shugaba mai shakka. Ba ta ce ya yaga takardar ba, ba ta kuma ce ya auna ciwon da idonsa ba. Cewa ta yi ya kawo nasa likitan. Ma'aikacin da ya ƙi yarda a duba shi ya zubar da hakkinsa na kuɗin kwanakin nan da hannunsa, ko da kuwa ciwonsa na gaskiya ne.

Ya kamata a lura cewa ba kowa wannan doka ta shafa ba. Ta fi ƙarfi a kan leburori da akawuna da makamantansu, ta ware masu riƙe da muƙaman gudanarwa da na zartaswa da ƙwararrun ma'aikata. Su waɗannan, takardar ɗaukarsu aiki da ƙa'idojin wurin aikinsu ne ke faɗin abin da za su samu. Kwana 12 ɗin nan ma shi ne mafi ƙaranci. Kamfanoni da yawa suna ba da fiye da haka ta yarjejeniyar da suka ƙulla da ƙungiyoyin ƙwadago.

Misali Daga Wani Sito

Don a ga yadda abin ke gudana, a ɗauki misalin wani akawun sito a wani kamfanin rarraba kaya. Aikinsa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, amma kullum sai ya sa hannu a ɗaga katan-katan. Yana aiki daga Litinin zuwa Asabar. Tsagwaron albashinsa Naira 78,000 ne a wata, ban da alawus na mota da kuɗin ƙarin lokaci. In an raba wannan a kan kwana 26 na aiki, kowace rana ta tashi Naira 3,000.

Wata ranar Litinin da safe ya tashi bayansa ya riƙe, ko sunkuyawa ba ya iya yi. Ya aika wa mai kula da sito saƙo, ya tafi babban asibitin gwamnati. Likita ya duba shi, ya rubuta masa magani, ya ba shi hutun kwana 7 daga wannan Litinin zuwa Lahadi. Ƙanensa ya kai takardar ofis a ranar. Ranar Juma'a kuwa sai direban kamfanin ya gan shi zaune a kan tabarma a wurin ɗaurin auren maƙwabcinsa. Kafin la'asar labari ya kai kunnen manaja.

Da akawun ya dawo, manaja ya kira shi ya ce, "Malam, mai ciwon baya ne ke zuwa ɗaurin aure?"

Akawun ya ce, "Ranka ya daɗe, a ƙofar gidanmu aka ɗaura. Likita cewa ya yi kada in ɗauki kaya, bai ce kada in fito zaure ba."

A nan manaja yana da tambaya uku a gabansa, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a cakuɗa su wuri guda. Ta farko, shin takardar daga asibitin ta fito? Ta biyu, in daga can ta fito, shin ra'ayin likitan daidai ne? Ta uku, shin ma'aikacin ya yaudari likita ko kamfani da gangan? Kowace tambaya da hanyar amsa ta, da kuma wanda ya cancanci ya amsa.

Tambaya Ta Farko: Ingancin Takarda

Wannan ita ce mafi sauƙi, kuma ita kaɗai ce shugaba zai iya bi ba tare da an sake taɓa jikin ma'aikaci ba. Takardar kirki tana ɗauke da sunan asibiti da hatiminsa, da sunan majiyyaci da lambar katinsa, da ranar da aka duba shi, da ranar fara hutu da ta ƙarewarsa, da sunan likita a rubuce yadda za a iya karantawa tare da sa hannunsa. Abubuwan da ke sa a ɗaga gira su ne kankare a wurin yawan kwanaki, ko tawada iri biyu, ko rashin lambar kati, ko sa hannu babu suna, ko kuwa takardar da aka rubuta bayan hutun ya riga ya wuce alhali likitan bai ga mutumin yana cikin ciwon ba.

Abin da ya dace shi ne kamfani ya rubuta wa shugaban asibitin wasiƙa, ya haɗa da kwafin takardar, ya tambaya ko daga wurinsu ta fito, kuma ko likitan da ya sa hannu nasu ne. Asibiti zai duba rajistarsa ya amsa. Idan shakkar a kan likitan kansa take, Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya ce ke riƙe da rajistar likitocin ƙasar nan, ita ce kuma ke sabunta musu lasin kowace shekara. Likitan da ya ba da takardar ƙarya ya aikata laifi a ƙa'idar sana'arsa, ana iya gurfanar da shi gaban kotun ladabtar da likitoci, har a soke sunansa daga rajista.

Amma akwai iyakar da shugaba ba zai tsallaka ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta mai da duk wani bayani game da lafiyar majiyyaci sirri. Ba a fitar da shi sai da yardar mai shi a rubuce, ko da umurnin kotu, ko a wasu 'yan wurare da doka ta keɓe. Saboda haka manaja ba shi da ikon neman fayil ɗin akawun, ko sunan ciwonsa, ko irin maganin da aka rubuta masa. Abin da ya shafe shi shi ne ko mutumin zai iya aiki, in ba zai iya ba har zuwa yaushe.

A misalin nan, asibiti ya amsa cewa takardar tasu ce, lambar katin ta dace da rajistar ranar Litinin. Tambaya ta farko ta mutu ke nan.

Tambaya Ta Biyu: Likita Na Biyu

Manaja bai gamsu ba, sai ya rubuta wa akawun cewa ya je wurin likitan da kamfani ke hulɗa da shi. Wannan hakkinsa ne, akawun kuma ya yi hankali da ya amsa. A al'ada wanda ya nemi a duba shi ke ɗaukar nauyin kuɗin, kuma kyautuwa ya yi a sa rana da wurin da mai ciwo zai iya kaiwa.

Sai dai ya kamata a san abin da likita na biyu zai iya faɗa da wanda ba zai iya ba. Yana iya faɗin halin da ya sami mutum a ranar da ya gan shi. Zai tambaye shi yadda ciwon ya fara, ya sa shi ya sunkuya, ya kwantar da shi ya ɗaga ƙafarsa a miƙe don ya ga ko ciwon yana sauka ta cinya, ya gwada ƙarfin ƙafafun. Amma ba zai iya komawa ranar Litinin da ta wuce ba. Yawancin ciwon baya irin wannan na nama ne da jijiya, ba ya fitowa a hoton ƙashi, kuma yakan lafa da kansa cikin 'yan kwanaki ko makonni. Hoton da ya fito babu komai bai ƙaryata mai ciwo ba. Haka ma zazzaɓin cizon sauro: wanda ya sha maganin kwana 3 yadda aka ce, in aka ɗibi jininsa bayan mako guda, galibi ba za a ga ƙwayar cutar ba, wannan kuwa shaidar magani ya yi aiki ce. Masu sikila da masu asma su ma sukan kwana suna murƙususu, bayan kwana biyu a gan su garau.

Daga wannan za a fahimci cewa shugaban da ke da shakka ta gaskiya, tun ma'aikaci yana cikin hutun ya kamata ya nemi a duba shi. Wanda ya jira sai mutum ya warke ya dawo, ya riga ya rage wa binciken nasa amfani.

Game da ɗaurin auren kuwa, ilmin likitanci yana bayan akawun. Likitoci sun daina ba masu irin wannan ciwon baya shawarar su kwanta su miƙe kwana da kwanaki. Cewa suke yi a riƙa ɗan motsawa, a guji ɗaukar nauyi. Takardar hutu shaida ce cewa mutum ba zai iya aikin da aka ɗauke shi dominsa ba, ba umurnin kulle ba ce. Abin dubawa shi ne ko abin da aka ga ma'aikaci yana yi ya saɓa wa ciwon da ya faɗa. Zama a kan tabarma bai saɓa ba. Da a ce an gan shi yana sauke buhunan masara daga mota, ko yana tsaye a wani shago yana wani aikin kuɗi, da magana ta sha bamban.

Likitan kamfani ya rubuto cewa abin da ya gani ya dace da ciwon da ke warkewa, akawun zai iya komawa rubutu amma kada ya ɗaga kaya har mako biyu. Wannan ita ce takardar sassauta aiki, kuma sau da yawa ita ce ke raba gardama, domin kamfani ya sami ma'aikacinsa, ma'aikaci kuma bai fama ciwonsa ba.

To, in likitocin biyu suka saɓa fa? Sashe na 16 bai ce maganar likitan kamfani ta rinjayi ta likitan farko ba. Abin da ya sharɗanta shi ne ma'aikaci ya yarda a duba shi. Saboda haka hanyar da ta fi adalci ita ce ɓangarorin biyu su amince da likita na uku, ƙwararre a fannin ciwon, kamar na asibitin koyarwa, su kuma yarda tun farko cewa abin da ya faɗa shi za a bi.

Lissafin Kuɗin

Hutun kwana 7 da aka ba akawun ya ƙunshi Lahadi, wadda ba ranar aikinsa ba ce, saboda haka kwana 6 za a lissafa. Kwana 6 a kan Naira 3,000 ya kama Naira 18,000. Sashe na 19 na dokar ya ce wajen lissafin kuɗin rashin lafiya ba a sa alawus da kuɗin ƙarin lokaci, sai in yarjejeniyar wurin ta fi haka alheri. In a ce a watan Maris ya riga ya ci kwana 4 saboda zazzaɓi, yanzu ya ci 10 ke nan, saura 2. Da likita ya ƙara masa wani mako, kwana 2 kawai doka za ta tilasta a biya shi, sauran 4 sai abin da takardar aikinsa ta tanada. Rashin biya a nan ba hukunci ba ne, kuma bai mai da shi wanda ya gudu daga aiki ba, muddin takardar likita tana rufe da kwanakin.

Ciwon da mutum ya samu a bakin aiki yana da nasa babi dabam a ƙarƙashin Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010. Da a ce bayan akawun ya riƙe ne yayin da yake ɗaga katan a cikin sito, da kamata ya yi a rubuta rahoton hatsarin tun a ranar.

Tambaya Ta Uku: Yaudara

Idan asibiti ya amsa cewa bai san takardar ba, ko aka gane an mai da 2 ta koma 12, to magana ta tashi daga hutu ta koma rashin gaskiya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kwanakin sun zama fashin aiki ba da izini ba, ƙirƙirar takardar bogi kuma laifi ne a Final Kod da ake aiki da ita a jihohin Arewa. Duk da haka ba a korar mutum a tsaye. Sai an ba shi takardar tuhuma wadda ta faɗi laifin a fili, an nuna masa amsar asibitin, an ba shi lokaci ya kare kansa. Yakan faru wani ɗan kamasho a harabar asibiti ya karɓi kuɗin majiyyaci na gaskiya ya miƙo masa takardar da likita bai gani ba. Sai an saurari mutum ake gane irin wannan. Wanda aka kora ba a ji ta bakinsa ba yana iya kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya ba ta hurumin shari'un ƙwadago.

Ma'aikacin Gwamnati

Ma'aikacin Gwamnatin Tarayya Ƙa'idojin Aikin Gwamnati ne ke ɗaure da shi, jihohi kuma suna da nasu masu kama da su. Tsarin ya fi na kamfani yalwa, amma ya fi shi tsanani. Wajibi ne ma'aikaci ya sanar da na gaba da shi da zarar ciwo ya hana shi fitowa, ya kuma kawo takardar hutu ko ta sassauta aiki daga asibitin da gwamnati ta amince da shi. A bugun 2008 na ƙa'idojin an ƙayyade wa wanda ba a kwantar a asibiti ba jimlar kwana 42 a cikin wata 12. Wanda ya zarce haka sai a tura shi gaban kwamitin likitoci.

Wannan kwamiti shi ne makwafin likita na biyu a aikin gwamnati. Ma'aikatar ce ke neman a kafa shi, likitoci ne ke zama a cikinsa, su ne kuma ke faɗin ko mutum ya koma aiki, ko a ƙara masa hutu, ko a yi masa ritaya saboda rashin lafiya. Babban Sakatare ko Darakta ba shi da ikon soke takardar likita da alƙalaminsa. A ɗaya gefen kuma, fashin aiki ba da izini ba yana cikin manyan laifuffukan da ke iya kai ga kora, kuma a kan ma'aikaci nauyin yake ya nuna uzurinsa. Amma tun a 1985, a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa wanda doka ce ta tsara aikinsa ba a raba shi da shi sai an bi matakan da dokar ta shimfiɗa.

Inda Mutanen Kirki Ke Faɗawa Rami

Yawancin waɗanda wannan al'amari ke ci ba maƙaryata ba ne, masu sakaci ne da takarda. Ga wanda ya karye aka kai shi ƙauye wajen mai ɗori, ya yi wata biyu, ya dawo da sanda amma babu takarda. Doka ba ta san shaidar mai ɗori ko wanzami ba, komai ƙwarewarsu. Wanda ya zaɓi maganin gida, ya kyautu ya fara biyawa ta asibiti likita ya gan shi ya rubuta. Ga kuma wanda ya je ƙaramin asibitin karkara inda babu likita, malamin asibiti ya rubuta masa takarda; tun da doka likita mai rajista ta ambata, gara ya kai ta babban asibiti mafi kusa likita ya duba shi ya tabbatar. Ga wanda hutunsa ya ƙare Lahadi, bai warke ba, bai koma asibiti ba sai Alhamis. Kwana 3 ɗin da ke tsakani ba su da mai karewa. Ɗalibin da ciwo ya hana jarrabawa ma haka abin yake, domin jami'o'i kan nemi asibitin makaranta ya tabbatar da takardar da aka kawo daga waje.

Saboda haka ma'aikacin da ya san ciwon kansa zai sanar a ranar farko, ya ajiye kwafin kowace takarda da katinsa da rasit ɗin magani, ya sa a buga masa hatimin karɓa a ofis, ya kuma amsa kiran likita na biyu ba da gardama ba. Shugaba kuwa, in shakka ta kama shi, ya rubuta wa asibiti, ya nemi likitansa ya duba tun hutun bai ƙare ba, ya riƙe hukuncinsa har amsa ta zo. A misalin da aka kawo, manajan ya bi wannan hanya, ya biya Naira 18,000, akawun kuma ya koma kan littafinsa na sito, wani yana ɗaga masa katan har mako biyu suka cika.